"Ban ga komai ba" ma hukunci ne

Aikina ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti, don haka 'yan uwa sun mai da wayata wurin duba sakamako. Wata rana da dare ƙanina ya turo min hoton wuyan hannu, ko sallama babu. Ya ɗaga fim ɗin ne a gaban ƙwan lantarki ya ɗauka da waya. Na duba, na rubuta masa: "Ban ga karaya ba." Da jin haka ya kwance bandejin da aka ɗaura masa, bai koma asibiti ba.

Bayan kusan wata biyu ciwon ya ƙi tafiya. Ashe wani ɗan ƙashi ne ya tsage a gindin babban yatsa, wanda ake kira sikafoyid. Karayarsa takan ɓuya a hoton farko, shi ya sa ake ɗaure hannun a sake dubawa bayan kwana 10 zuwa 14. Jini kuma ba ya isar wani ɓangarensa sosai, in aka yi sakaci sai ya ƙi haɗewa. Na san duk wannan. Abin da ban sani ba shi ne ya faɗi ne a kan tafin hannu, kuma gindin babban yatsan ne ke masa ciwo, domin ban tambaya ba.

Yanzu in hoto ya zo babu magana, kira nake yi, don shirun nan yawanci tsoro ne. Sai in tambayi na wane ne, me ya same shi, yaushe aka ɗauka, ina ke ciwo, kuma me wanda ya duba shi ya ce. Ina neman rahoton likitan hoto, saboda shi ya ga hotunan duka a allon da aka yi don wannan aiki. Ni guda ɗaya na gani, wanda waya ta rage wa kyau, wani lokacin ma an yanke alamar L ko R da ke nuna hagu ko dama.

Kwanan nan ƙanwar mahaifiyata ta turo na gwiwar ɗanta. Bayan mun gaisa na ce: "Inna, ta waya ba zan ce lafiya ko ba lafiya ba. Yana iya taka ƙafar? In yatsun sun yi sanyi, ko sun mutu, ko kumburin na ƙaruwa, ku tafi asibiti yanzu. In ba haka ba, gobe ku kai wa likita fim ɗin, ku tambaye shi abin da ya gani da ranar dawowa."

Ta ce, "Wato ba za ka faɗa min ba ke nan?" Na ce ta karanto min rahoton in ya fito, zan warware mata kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Washegari da azahar ta kira, takardar na hannunta.