Kuɗin Shekara ta Biyar Ba Kuɗin Yau Ba Ne

Kuskuren da ya fi koya mini hankali a aikin hasashen kuɗi na shekaru da dama ban yi shi a wajen tarawa ko ɗebewa ba. Lissafin duk ya tafi daidai, abin da na gwama ne bai dace a gwama ba. An ba ni aikin duba wani shiri da zai ci jarin miliyan 350, ana sa ran zai riƙa dawo da miliyan 100 duk shekara har shekara biyar. Wanda ya kawo adadin ya ƙiyasta shi ne da farashin yau, wato bai saka hauhawar farashi a ciki ba, ni kuwa ban tambaya ba. Na ɗauki kuɗin ruwan da masu ba da bashi ke nema a lokacin, kashi 26 cikin ɗari, na mayar da kuɗin kowace shekara zuwa darajarsa ta yau, sai jimillar ta tsaya a wajen miliyan 264. Na rubuta cewa shirin asara ne.

Shugabar sashenmu ta karanta, ta ɗora yatsa a kan shekara ta biyar, ta ce, "Malam, wannan miliyan ɗarin, da kuɗin wace shekara aka ƙirga shi?" Nan take na gane inda gizo ke saƙa. Kashi 26 ɗin nan yana ɗauke da hauhawar farashi ta kashi 20 da aka yi hasashe, domin mai ba da bashi ba zai yarda a biya shi da kuɗin da ya zube ba tare da ya ƙara abin da zai cike giɓin ba. Ni kuma na ɗora wannan kaso a kan kuɗin shigar da aka riga aka cire wa hauhawar, ashe na hukunta shirin sau biyu.

Gyaran yana da hanya biyu, kuma dole su kai wuri ɗaya. Ko dai a ɗaga kuɗin shiga da kashi 20 kowace shekara, miliyan 100 ta shekara ta biyar ta zama kusan 249, sannan a yi amfani da kashi 26, ko kuma a bar shi a farashin yau a cire hauhawar daga kuɗin ruwan. Cirewar da rabawa ake yinta:

```
=(1+0.26)/(1+0.20)-1
```

Amsar kashi 5 ce, alhali wanda ya ɗebe 20 daga 26 zai sami 6, kuma wannan tazarar tana faɗaɗa gwargwadon tsananin hauhawar. Ta kowace hanya, kuɗin shekara ta biyar ya fito wajen miliyan 78 a darajar yau, maimakon 31 da rabi da na samu da farko, jimillar kuwa ta haura zuwa kusan 433. Shirin da na ce asara ne ya fi ƙarfin jarinsa da miliyan 83. Tun daga ranar nake yin lissafin ta hanyoyin biyu, in suka saɓa na san akwai layin da ya gauraya.

Faɗuwar darajar kuɗin gida a gaban kuɗin waje ita ce ta fi ɓuya, domin kuskurenta faranta rai yake yi. Sau da yawa za a ga an ɗaga kuɗin shiga da hauhawar gida, amma an bar farashin canji a tsaye tsawon shekara biyar, sai kayan da ake shigowa da su daga waje da bashin da aka ci da kuɗin waje su yi ta ƙanƙancewa a kan takarda, riba kuma ta yi ta kumbura ba gaira ba dalili. Alamar da nake nema ita ce kason riba da ke ƙaruwa kowace shekara ba tare da an ƙara yawan abin da ake sayarwa ba. Idan hauhawar gida kashi 20 ce, ta waje kuma kashi 3, mafi ƙarancin abin da ya kamata a sa shi ne kuɗin waje ya riƙa tsada da wajen kashi 16.5 duk shekara, wanda zai ninka farashin canjin fiye da sau biyu kafin ƙarshen shekara ta biyar. Sai dai a zahiri faɗuwar ba a hankali take zuwa ba, musamman inda hukuma ke riƙe da farashin canji, akan daɗe shiru sannan a sake shi lokaci guda. Saboda haka nake ƙara wani gwaji dabam inda dukan faɗuwar ta auku a shekara ta biyu, in ga ko kuɗin hannu zai isa biyan bashin shekarar.

Yanzu da farashin ranar biya nake gina hasashe, domin biyan bashi mai tsayayyen ruwa da rangwamen haraji na tsufan kayan aiki ba sa tashi tare da hauhawa, kuma lissafin farashin yau yakan ɓoye hakan. Sai a ƙarshe nake mayar da sakamakon zuwa farashin yau don masu yanke shawara, a saman kowane shafi kuma in rubuta shekarar da aka ɗauki farashinta.