Kafin ka zuba wa firam siminti, auna shi a giciye

Jiya na ga wani yaro mai koyon aiki ya ɗora sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, a kusurwa ɗaya ta firam ɗin ƙofa, ya gyaɗa kai, ya fara kiran a kawo siminti. Kuskuren da na daɗe ina yi ke nan, kuma ƙyaure nawa na rage wa baki saboda shi, Allah kaɗai ya sani.

Ba wai sukwaya ƙarya take yi ba, gajeruwa ce. Hannunta santimita 30 ne, tsayin ƙofa kuwa 210, ninki bakwai. Saɓanin milimita ɗaya da rabi da ido ba zai kama ba a bakin sukwaya, kafin ya kai saman firam ya zama santimita guda. To ratar da ake bari tsakanin ƙyaure da firam kamar milimita 3 ce kawai. Shi ya sa za ka ga ƙyaure yana cizo a kusurwar sama, ƙasa kuma haske na shigowa, harshen makulli ya ƙi shiga raminsa. Ni dai haka na tarar ana yi, ba wanda ya nuna mini wata hanya. Amma gaskiya tef yana aljihuna, ƙiwa ce.

Ɗauki firam mai faɗin 90 da tsayi 210 daga ciki. Ja tef daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ka auna ɗaya giciyen. Kowanne ya kamata ya ba ka kusan 228.5. In saman ya karkata da santimita ɗaya, ɗaya zai nuna 228.9, ɗayan 228.1, bambancin milimita 8 ke nan. Tura kusurwar giciyen da ya fi tsawo ciki, a hankali. Rabin bambancin kawai kake nema, domin duk abin da dogon ya rage, gajeren zai ƙaru da shi. Da sun yi daidai, ko saura milimita 2, buga katako a karkace ya riƙe shi.

Sai dai kada ka amince da giciyen ma shi kaɗai. Firam mai faɗin 89 a sama da 91 a ƙasa zai iya ba ka giciye biyu daidai, alhali ba shi da kusurwa ko ɗaya mai kyau. Fara auna faɗi sama da ƙasa, da tsayin ƙafafu biyu. Kuma sukwayar nan da na kushe, kada ka jefar da ita, ita ke nuna wace kusurwa ce ta buɗe.

Yaran yanzu, ku da waya ba ta barin hannunku, rubuta lamba biyu ya gagare ku? Rubuta su a jikin bango, sannan ka sake awon bayan an tokare firam a gurbinsa, domin bugun guduma yana gusar da shi, in siminti ya kama kuwa sai fasawa.