Abin da na karanta ranar sadakar arba'in ɗin Umma

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Allah Ya saka da alheri da kuka baro ayyukanku kuka zo. An ce ni ce babba, ni zan yi magana, to ku yi haƙuri idan murya ta ƙi.

Mun sauka Manchester a watan Nuwamba na 1994, ina da shekara tara. Abba ya riga mu zuwa karatu, mu muka biyo shi daga Kano. Umma ta zo da atamfa da silifas da ƙullin kuka da daddawa a ƙasan akwati. Duhun garin ya fi sanyinsa ba ta tsoro. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga gajimare kullum, ita kuwa da inuwar katanga ta saba gane azahar da la'asar. Sai da Abba ya karɓo takardar lokutan salla daga masallacin Victoria Park ya manna a jikin firji, ni nake karanta mata.

Daga nan aikina ya fara. Kun san kunyar ɗan fari. A Kano Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama da ni a tabarma ɗaya, "ke" ce ko "yarinyar nan". A can ba a rasa komai ba, akwai kaka, akwai gwaggo. A nan kuwa ba ta da kowa sai ni, domin Abba yana jami'a tun safe. Cikin wata shida na kama Turanci, na zama bakinta a wurin likita, a makaranta, a kantin 'yan Pakistan da ke Longsight inda muke sayen naman halal. Ranar da muka je yin rajista a wurin likitan unguwa, matar da ke kan tebur ta nuna ni ta tambayi Umma sunana. Umma ta sunkuyar da kai. Matar ta sake tambaya, ta fara yi mana kallon tuhuma, wai uwa ba ta san sunan 'yarta ba. Ni na faɗa, na kuma ƙara da ƙaryar cewa Umma ba ta ji tambayar ba. Ta ji sarai.

Ba zan ce tsarin ya yi kyau ba. Lokacin cikin autanmu, ni nake fassara mata maganganun da bai kamata yarinya ta ji daga bakin uwarta ba. Wasu na rage, wasu ita ta haɗiye ba ta faɗa wa likita ba saboda ina wurin. Wannan ne ya kai ta ajin koyon Turanci na manya, safiya biyu a mako, tana da shekara talatin da 'yan kai. Bayan shekara biyu ta ce in daina binta.

Da bakinta ya buɗe, abin da ta yi da shi da yawanku kun sani. Wata baiwar Allah 'yar Zariya ta rasu ranar Juma'a da dare, aka kai Talata ba a binne ta ba, don ba wanda ya san hanya. Umma ta zauna ta koya. Likita ne ke rubuta musabbabin mutuwa, sannan a je ofishin rajista cikin kwana biyar, a karɓo koriyar takarda, wadda in babu ita maƙabarta ba za ta karɓi gawa ba. In mutuwar fuju'a ce, sai jami'in binciken mutuwa ya saki gawar tukuna. Ita ke gaya wa dangi su fara waya tun da asuba, kada su zauna kuka har a rufe ofis. Ta shiga cikin matan da ke wankan gawa. Matan Pakistan suna yi wa mace likkafani ƙyalle biyar, ita ta ce mu Malikawa bakwai ne, kuma ba ta taɓa yin gardama a kai ba, sai dai ta zo da nata yadin a yanke. Ganyen magarya daga Kano ake aiko mata, ta shanya ta daka.

A makon ƙarshe a asibiti Turancin ya gudu, Hausa kaɗai ta rage mata, na koma kujerata ta da. Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna ni ta ce wace ce wannan. Na fassara mata. Umma ta kalli bango ta ce, "Gaya mata yayarsu ce."

Da magaryar da ta daka da hannunta muka wanke ta, muka sa mata ƙyalle bakwai, maza suka kai ta maƙabartar Southern Cemetery kafin la'asar, washegarin rasuwarta. Allah Ya jiƙan Umma, Ya sa ta huta. Malam, bismillah, a yi mana addu'a.