Jawabin Godiya Ga Baba Da Inna A Walimar Kammala Karatuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana, sannan ina neman izinin malamai da dattawan gari in yi wa Baba da Inna godiya a gabanku, domin ku ne shaidun abin da suka kashe a kan karatun nan.

An ce mana digirin na shekara huɗu ne, kuma a kan haka Baba ya yi lissafinsa. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, wanda ya haɗu da kullen korona, da na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun tsawaita shi ga kowa, don haka ba zan tsaya a kansu ba. Abin da ya fi yi wa gidanmu ciwo shi ne shekarar da aka ƙara mini ni kaɗai.

A zangon ƙarshe na ajin ƙarshe, da aka kafe sakamako, sai na ga an rubuta cewa ban zauna jarrabawar wani darasi na dole ba, alhali na zauna, na kuma sa hannu a takardar halarta lokacin da na miƙa takardar amsata. Na je wurin malamin darasin da ladabi, na roƙe shi ya duba cikin takardun da ya ba wa maki, sai ya ce shi ba ya ɓatar da takarda, ya umarce ni in fita daga ofishinsa. Wanda ya yi jami'a ya san abin da wannan ke nufi. Darasin zango na biyu ba a koyar da shi sai a zango na biyu, saboda haka ɗalibi zai sake biyan kuɗin rajistar shekara sukutum, ya sake kama ɗaki, ya zauna jiran jarrabawa guda ɗaya, abokansa kuwa sun tafi bautar ƙasa. Na rubuta koke ga shugaban sashe ta hannun jami'in jarrabawa, aka kuwa ga sa hannuna a takardar halarta, amma takardar amsar ba ta fito ba, malamin ya tsaya a kan bakansa, kuma kafin a gama kai-komo majalisar jami'a ta riga ta amince da sakamakon. Na yafe don Allah, sai dai har yau ina ganin da ya ba ni minti goma ya buɗe durowarsa, da Baba bai rabu da sansa ba.

Baba, ranar da na kawo muku wannan labari ba ku tambaye ni ko da gaske na zauna jarrabawar ba, kun yarda da maganata nan take. Ranar Alhamis kuka kora ɗaya daga cikin shanun huɗarmu zuwa kasuwar Maigatari, kuka sayar da shi a lokacin da dabba ba ta daraja, domin wa'adin rajista ba zai jira kasuwar Babbar Sallah ba. Kowane manomi a nan ya san sa ɗaya ba ya jan garma. A daminar nan sai da kuka jira maƙwabta suka gama huɗarsu kafin aka ara muku, aikin gonar ya makara, abin da aka kai rumbu ya ragu, kuma ba daga bakinku na ji wannan ba, ƙannena ne suka faɗa mini.

Inna, ku kuma kuka roƙi matan adashinku suka ba ku kwasar farko, kuka biya kuɗin ɗaki, sannan kuka yi watanni kuna zubi da ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hana ni zuwa gida akai-akai, amma ƙullin gari da kuka da daddawa da yaji bai daina iso ni ta hannun direbobin tasha ba.

Ga ƙannena da ke shirin shiga jami'a, ku adana katin jarrabawarku da mai sa ido ya sa wa hannu, da rasidin kowane kuɗi da kuka biya. In sakamako ya ɓata, ku rubuta koke a makon da aka kafe shi, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, kada ku tsaya ga roƙon baki, domin gyara yana da sauƙi ne kawai kafin sakamako ya bar sashe. Ku kuma riƙa faɗa wa iyaye ranar rajista tun da wuri, don kada a tilasta musu sayar da hatsi da kaka.

Da na sake zauna jarrabawar nan na ci ta da maki mafi girma a darasin. Baba, na yi niyya, in Allah ya yarda, daga alawus ɗin bautar ƙasa zan fara tara kuɗin maraƙin da zai maye gurbin san nan. Allah ya saka muku da alheri, ku da Inna, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon yi muku biyayya. Na gode.