Kuɗin da ke cikin durowa ba naka ba ne

Ƙannena da ke tara kuɗi don ku karɓi na'urar POS ku kafa 'yar kwantena a bakin titi, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan. Na shekara huɗu ina wannan sana'a a unguwar Rijiyar Zaki da ke Kano, kuma asarar da ta fi yi mini ciwo ba ɗan daba ne ya jawo mini ita ba. Da hannuna na yi ta, a hankali, ban ma san ina yi ba.

Na fara da jarin dubu ɗari uku da kawuna ya ranta mini. Dubu ɗari biyu tsaba a durowa, dubu ɗari a cikin asusun na'ura. Abin da ya kamata a ce na gane tun ranar farko shi ne kuɗin nan guda ɗaya ne, aljihu biyu kawai yake da su. Idan mutum ya zo cirar kuɗi, tsabar hannunka ta ragu, asusu ya ƙaru. Idan ya kawo tsaba ka tura masa, ko ka sa masa kati ko data, durowa ta cika, asusu ya ragu. Kullum kuɗin yana kai da komo tsakanin aljihun nan biyu, amma idan ka haɗa su da daddare dole su ba ka uwar kuɗinka, da ɗan abin da ka samu a kai. Wannan haɗawar ce ban yi ba har tsawon wata huɗu. Ina ganin durowa da kuɗi, ina ganin asusu da kuɗi, sai hankalina ya kwanta.

Bari in nuna muku yadda ribar take, don a nan yaudarar take. A lokacin, wanda zai ciri dubu goma muna cajinsa naira ɗari biyu. Zan danna 10,200 a na'ura, in ƙirga masa dubu goma. A raina na ci ɗari biyu. Amma kamfanin na'ura ya riga ya zare nasa, wajen naira hamsin, kafin kuɗin su sauka a asusuna. Ke nan ɗari da hamsin ne ya rage. Mai cirar dubu biyar ya ba ni ɗari, abin da ya zama nawa bai wuce saba'in da biyar ba. Kati kuwa kamashonsa ya fi haka ƙanƙanta: na dubu ɗaya, naira ashirin ko talatin za ka gani. Ana sayar da shi ne don ya jawo mutane zuwa tagarka, ba don ya ciyar da kai ba.

A rana mai kyau nakan sallami mutum arba'in, cajin da na karɓa ya kai dubu bakwai. Daga ciki kamfani ya ɗauki wajen 1,800. Kafin azahar tsaba ta ƙare, musamman ƙarshen wata idan an yi albashi, sai in je gidan mai in sayi tsabar dubu ɗari biyu, in biya dubu ɗaya a kai. Takardar rasit, data, cajin na'ura da waya wurin mai caji idan babu wuta, da kuɗin wurin da na ajiye kwantena, idan aka raba su kwana-kwana sun kai ɗari bakwai. Abin da ya rage mini na gaskiya 3,500 ne. Ni kuwa dubu bakwai ɗin nan ce a kaina. Sai in sa hannu a durowa in sayi abincin rana, in ba ƙanina kuɗin mota zuwa makaranta, in yi wa Umma cefane, in sa wa kaina data. Da na zauna na lissafa daga baya, wajen 4,200 nake kashewa a rana. Ɗari bakwai kacal na wuce gona da iri, kuɗin da ko kallo ba zai ishe ka ba. Amma a kwana ɗari ya zama dubu saba'in.

Ragowar abin da ya zaizaye daga jarin kuma bashi ne ya ci. Maƙwabci ya leƙo ya ce, "Sa mini katin ɗari biyar, anjima zan aiko." Abokin yayana ya ce in ba shi dubu uku, sabis ɗin bankinsa ne ya ɗauke, da ya dawo zai turo. Kunya ta hana ni cewa a'a, ta kuma hana ni rubutawa a gabansu. Dubu goma sha shida suka tafi a haka, ban ma iya tuna wa da wa ba.

Ranar da kawu ya zo duba ni, bai tambaye ni ciniki ba. Zama ya yi a benci ya ce, "Ƙirgo mini abin da ke durowa, ka karanto mini abin da ke cikin na'ura." Na ƙirga, na karanta, ya haɗa a bayan wani tsohon rasit. Dubu ɗari biyu da goma sha huɗu. Na sake ƙirgawa sau biyu, hannuna yana rawa. Na ce, "Kawu, wallahi ba a yi mini sata ba." Ya ce, "Na sani. Ina littafinka?" Ba ni da littafi.

Tun daga daren nan nake da shi, ɗan littafin makaranta mai ganye arba'in. Kafin in rufe sai na rubuta abu uku: tsabar da ke hannu, abin da ke asusu, da bashin da ke waje da sunan mai shi. In haɗa, in cire uwar kuɗi. Abin da ya hau shi ne ribar ranar, kuma daga nan kaɗai nake ɗauka. Na yanka wa kaina albashin dubu biyu da ɗari biyar a rana, sauran ya koma jari har ramin ya cike. Idan lissafi ya ƙi fita, ko da ɗari biyar ne, ba na tafiya gida sai na bi tarihin cinikin ranar a na'ura ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren yau ana gano shi yau, domin fuskokin suna nan a idonka. Idan ya kwana uku, ya tafi ke nan.

Littafin nan ya kuma nuna mini cewa dubu ɗayan da nake biya a gidan mai ba dole ba ce. Akwai wani Alhaji mai kantin kayan masarufi a layinmu, wanda kullum yake cika da tsaba, kuma yana buƙatar kuɗi a asusu don ya biya dillalansa a kasuwar Singa. Muka daidaita: da hantsi ya ba ni tsaba, in tura masa a gabansa, babu wanda ke cajin wani. Shi ya huta da layin banki, ni na huta da sayen kuɗi. Duk wanda ya ga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da tsaba ta zama haja ana sayar da ita da tsada a garin nan, ya san darajar samun mutum irin wannan. Ku neme shi tun kafin ku sayi kwantena. Amma ku ƙirga kuɗinsa a gabansa, ku taɓa kowace 'yar dubu, komai girman da kuke ba shi, don shi ma karɓa ya yi daga hannun jama'a.

Kuskurena na biyu ya zo ne bayan ina ganin na ƙware. Ana dab da kiran magariba, mutum biyar a tsaye a taga, sabis yana ja. Wani dattijo cikin farar shadda, da carbi a hannu, ya ce zai yi taransifa in ba shi dubu arba'in da biyar. Na ba shi lambar asusu. Ya ɗan latsa waya, ya juyo mini da ita: ga sunana, ga adadin, ga kalmar Successful da koren launi. Na duba na'urata, babu komai. Ya ce, "Ɗana, ka san halin sabis. Ga mai adaidaita can yana jirana, mara lafiya zan kai wa kuɗin magani." Na bayansa suka fara cewa in sallame shi mana. Na ƙirga na ba shi, har ya sa mini albarka. Kuɗin ba su shigo ba har yau. Aikin kwana goma sha uku ne ya tafi cikin minti biyu.

Abin da ke fuskar wayar wani ba shaida ba ce. Hoto ne, kuma ana iya ƙirƙirarsa. Saƙon alat da ke shigowa wayarka ma ana iya turo na bogi. Shaida ɗaya ce tak: ka buɗe asusunka da hannunka, ka ga kuɗin a tarihin shiga, ka ga jimillar ta ƙaru da adadin. Idan wayarsa ta nuna Pending, kuɗin ba su iso ba, sai ya jira. Haka idan ya sa kati na'ura ta fitar da Declined amma aka zare masa kuɗi, to ba wurinka suka zo ba, suna tsakanin bankuna. Ka fitar masa da rasit ɗin, ka rubuta lambarka a baya, ka gaya masa cikin ladabi cewa yawanci kuɗin kan koma da kansu, idan kuma ba su koma ba ya kai rasit ɗin bankinsa. Zai yi fushi, wataƙila ya tara maka jama'a, kuma sau da yawa mai gaskiya ne, abin tausayi. Amma idan ka biya shi daga durowa, gobe kuɗinsa su dawo masa, kai ne ka yi asara. Na lura kuma macuci ba ya zuwa da safe lokacin da kake zaune kai kaɗai. Yana jiran cunkoso ne, da gajiya, da lokacin da kake sauri ka yi alwala. Yanzu duk wanda ya fi matsa mini in yi sauri, shi na fi tsayawa in duba.

Batun 'yan ƙwace kuma, Allah ya tsare ni, amma wani ɗan'uwanmu a sana'a an sare shi a hannu a lungun gidansu, saboda kullum ƙarfe goma yake rufewa, kullum hanya ɗaya yake bi, da jakar nan a rataye a kafaɗa. Daga ranar na sauya tsarina. Ba na barin fiye da dubu hamsin a durowar gaba, sauran suna wani wuri da ba a gani daga taga. Ba na ƙirga bandir a idon mutane. Wayar da ke ɗauke da asusun sana'a daban take da wadda nake amsa kira a titi, kuma ko ƙanina da ke kama mini aiki bai san lambar sirrinta ba. Na gaya masa idan aka zaro masa wuƙa ya miƙa abin da ke durowa, kada ya yi gardama ko kaɗan.

Da an idar da magariba nake fara rage tsaba. In kai wa Alhaji abin da ya rage a hannuna, ya turo mini a asusu, in tsaya sai na ga sun shigo. Sannan in koma in ja ƙofar kwantena daga ciki, in kunna 'yar fitila, in buɗe littafi. Kafin a tayar da sallar isha na sa kwaɗo, abin da ke aljihuna bai wuce kuɗin mota da na burodin yara ba.