Asabar: na wuni neman Naira 139,000

Tun ƙarfe tara na safe nake ofishin ƙungiyarmu ta gama-kai, ni da Hajiya, mu biyu da babban taro ya zaɓa mu binciki littattafai kafin a miƙa su ga jami'an gwamnati masu binciken shekara. Ba wuta, fanka a tsaye, ga lejoji uku kan tebur.

Aikin farko shi ne na kullum. Kowane mamba yana da shafinsa a leja, kuma idan aka tara ragowar ajiyar da ke shafukan duka, dole ta zo daidai da jimillar ajiya a babban littafin kuɗi. Mu 214 ne. Hajiya tana karantawa, ina danna kalkuleta. Shafukan mambobi suka ba da Naira 48,399,000, babban littafi kuwa 48,260,000. Wato ƙungiya ta rubuta wa mutane Naira 139,000 da ba ta taɓa karɓa ba. Muka sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, bai canza ba.

Bin shafi 214 na wata goma sha biyu layi-layi aikin mako guda ne, don haka na ce mu fara da inda ƙarin ajiya ke da amfani ga mai shi, wato fayilolin rance. Tsarin mulkinmu ya ce mamba ba zai karɓi fiye da ninki biyu na ajiyarsa ba, kuma sai da masu tsaya masa biyu. Na ware duk rancen da ya cika ninki biyun cif, ba ragi ko na sisi. Guda bakwai ne.

A na biyar na tsaya. Rancen Naira 900,000, ajiya 450,000. A ido ba laifi. Amma shafin mutumin ya nuna 320,000 gare shi, ana cire masa 20,000 daga albashi duk wata, sai kwana biyu kafin zaman kwamitin rance aka ƙara masa 130,000 a layi ɗaya. Gurbin lambar rasit fayau. Ajiyar da ba ta albashi ba kuwa sai an biya a banki an kawo tela, sannan a yanka rasit. Na ɗauko sitatimen na banki na watan, na bi da rula har ƙasa, na duba watan da ya biyo baya ma. Kuɗin ba su shigo ba.

Bayan Azahar na kira Ma'aji. Dattijo ne, ya girme ni nesa, shi ya sa na tura masa shafin kawai ban ce komai ba. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, aurar da 'ya ne ya taso masa. Ya ce in rubuta, zai kawo ranar Litinin."

"Baba, wata takwas ke nan. Ya kawo?"

Ya girgiza kai.

Ban ɗauke shi ɓarawo ba, ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Kara ce ta ci shi. Sai dai ga abin da karar ta jawo: da ajiyar gaskiya, iyakar mutumin 640,000 ce, an ba shi rarar 260,000. Masu tsaya masa kuma sun sa hannu suna ganin in ya gaza 450,000 ce za ta hau kansu bayan an cire ajiyarsa, alhali 580,000 ce a ranar da ya karɓa. Ba wanda ya gaya musu. Wannan ya fi ɓata mini rai, don ɗayansu masinja ne.

Saura 9,000. Wannan kam ta zo da sauƙi. Bambancin da tara ke raba shi ba saura, yawanci lambobi ne aka juya wajen kwafa. Muka ɗora takardar cire kuɗi daga albashi kan leja, muna neman masu ajiya mai kauri. Kafin La'asar Hajiya ta gano: wata malama an cire mata 45,000, an rubuta 54,000. Kuskuren hannu ne, aka gyara da jan biro, Ma'aji ya sa hannu a gefe.

Hajiya ta so mu bar maganar rancen a tsakaninmu, tunda mutumin yana biya kan kari. Na ƙi. Na rubuta a rahoto cewa a soke 130,000 daga shafinsa, a ba shi wata guda ya kawo su da tela ko ya mayar da rarar, a sanar da masu tsaya masa a rubuce, kuma daga yanzu kwamitin rance ya ga sitatimen da idonsa kafin ya amince da duk ajiyar da ba ta albashi ba. Ta karanta sau biyu kafin ta sa hannu.

Da zan fita na tarar da Ma'aji a bakin ƙofa. Ya roƙi in bar shi ya je wajen masinjan da kansa gobe, kafin takarda ta riga shi. Na ce to.