Inda na kai a koyon ɗora bidiyo da ƙarancin data

'Yan'uwa masu koyon haɗa bidiyo, a wannan makon aikina ya tsaya ne kan bidiyon minti 12 da na ɗauka a marinar Ƙofar Mata, kuma abin da ya fi ba ni aiki shi ne yadda zan ɗora shi a YouTube ba tare da data ta ƙare a tsakiya ba. Na fahimci cewa tun kafin a danna maɓallin ɗorawa ake sanin ko za a yi asara, domin lissafin yana hannunmu.

Nauyin bidiyo ya dogara ne da yawan megabit ɗin da yake ci a kowace daƙiƙa, wanda ake rubutawa Mbps. Wayata tana ɗaukar 1080p a kan kusan 17 Mbps. Minti 12 daƙiƙa 720 ne, idan aka ninka da 17 sannan aka raba da 8, tunda bit takwas ne ke yin bait ɗaya, za a samu kusan megabait 1,530. Da na gwada saurin layina da rana a unguwarmu, saukewa tana da dama-dama, amma ɗorawa ba ta wuce 1 Mbps ba, kuma wannan lamba ta biyu ita ce ta shafe mu. A wannan saurin fayil ɗin zai ɗauki kusan awa uku da rabi, kuma da wuya sabis ya tsaya cak tsawon wannan lokaci. Kamfanin waya kuwa yana cire kuɗin abin da ka tura daidai da na abin da ka sauke, ko da ɗorawar ta lalace daga baya.

Saboda haka na rage nauyinsa a kwamfuta, aikin da ba ya buƙatar data. Na mayar da shi 720p a kan 3 Mbps da wannan umarni na manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i marina.mp4 -vf scale=-2:720 -c:v libx264 -preset slow -b:v 3M -c:a aac -b:a 128k sabo.mp4
```

Wanda ya fi sabawa da manhajar HandBrake zai iya yin haka ta zaɓar 720p da rubuta 3000 a gurbin Avg Bitrate. Fayil ɗin ya dawo kusan megabait 280 har da sauti, wato ɗorawar kimanin minti 38. YouTube ya ba da shawarar 5 Mbps ga 720p, don haka na sauka ƙasa da shawararsu da gangan, amma sai da na duba wuraren da matsewa ta fi ɓatawa. A bidiyon nan su ne ruwan baba lokacin da ake tsoma yadi yana motsi, da ƙananan zanen da ke jikin yadin da aka shanya. Idan matsewa ta yi yawa, a irin waɗannan wurare hoto yake farfashewa ya zama ƙananan murabba'ai, alhali fuskar mai magana tana nan lafiya. Na gwada 2 Mbps na ga zanen ya dusashe, shi ya sa na tsaya a 3. A ganina bidiyon sana'a da ba a ganin aikin hannu a cikinsa bai cancanci ko megabait ɗaya ba.

Na jira dare, lokacin da cunkoso ya ragu kuma garaɓasar data ta fi araha, na ajiye wayar kusa da taga tana caji, na haɗa ta da kwamfuta. Kafin na fara na kashe ajiyar kai-tsaye ta Google Photos, domin in ba haka ba tana iya tura asalin bidiyon mai nauyi a ɓoye ta wannan layin. A kwamfutar kuma na kunna Metered connection don kada Windows ta kama sauke sabuntawa, na kuma hana ta yin barci.

Duk da haka sabis ya ɗauke bayan an wuce rabi. Ina roƙon ku riƙe wannan da kyau: kada ku goge abin da ya tsaya, kuma kada ku sake wa fayil ɗin suna ko ku sake matse shi. YouTube yana ba da awa 24 a koma shafin ɗorawa a zaɓi wannan fayil ɗin dai, sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Alamar cewa ya ci gaba ita ce kason da ke kan allo zai yi tsalle zuwa kusa da inda ya katse maimakon ya fara daga sifili. Haka ya faru, kuma ya ƙarasa kafin lokacin garaɓasar ya cika.

Aikin da ke gabana yanzu shi ne bidiyon kasuwar Kurmi, wanda cunkoson jama'a da motsin kyamara suka yi masa yawa. Zan fara yanke minti ɗaya in matse shi a 3 da kuma 4 Mbps, in kwatanta su a allon waya kafin in taɓa cikakken fayil ɗin.